Rinjayen Mutum Ashirin: Yaushe Gwajin Shafuka Biyu Yake Zama Hujja?

A ɗauki misalin wani ƙaramin kamfani da ke sayar da darasin koyon lissafin kasuwanci ta intanet a kan naira 20,000. Yana biyan kuɗin talla, kuma duk wanda ya latsa tallar yana sauka a shafi guda da aka tanada don tarbarsa, inda zai yanke shawarar biya ko ya wuce. Sai aka ƙirƙiro sabon shafi mai ɗauke da rangwamen kashi 10 cikin 100, wato naira 18,000, aka sa manhaja ta riƙa raba baƙi biyu ba tare da zaɓe ba: rabi su ga tsohon shafi, A, rabi su ga sabo, B. Bayan mako biyu kowane shafi ya karɓi baƙi 2,000. A shafin A mutum 100 suka biya, a shafin B mutum 120.

Ranar taron manajoji, rahoton da zai hau teburi sananne ne: sabon shafi ya ƙara ciniki da kashi 20 cikin 100, a mayar da rangwamen na dindindin. Lissafin kuɗin ma yana goyon baya, domin A ya kawo naira miliyan 2, B kuma ya kawo miliyan 2 da dubu 160. To amma wannan rahoto ya faɗi abin da alƙaluman ba su faɗa ba. Rinjayen mutum ashirin a cikin irin wannan adadi abu ne da dace kaɗai yake iya haifarwa, kuma ƙimar gwajin tana tabbata ne tun kafin a fara shi, a lokacin da aka ƙayyade yawan baƙin da za a jira da ranar da za a tsaya. Kamfanin da bai yi wannan ba, abin da ke hannunsa a ƙarshen mako biyu zato ne, ko da yake ya zo da lambobi.

## Girman abin da dace ke iya yi

Duk wanda ya taɓa ɗibar hatsi daga buhun da aka cakuɗa gero da dawa ya san cewa mudu biyu daga buhu ɗaya ba sa fitowa da dawa daidai wa daida. Buhun bai canza ba, ɗiban ne ya bambanta. Haka baƙin shafi suke. Ko da shafukan biyu kwafin juna ne, harafi da harafi, mutum 2,000 da suka faɗa wannan ɓangare ba su ne 2,000 da suka faɗa wancan ba. Wani ɓangaren zai dace da waɗanda albashinsu ya shigo, wani zai dace da masu leƙe kawai. Saboda haka bambanci zai fito ko yaya. Abin tambaya shi ne ko bambancin da aka gani ya wuce wanda ɗiba ke haifarwa da kansa.

Akwai awo mai sauƙi da ake iya yi a bayan ambulan idan baƙin ɓangarorin biyu daidai suke kuma masu biya kaɗan ne a cikinsu. A haɗa masu biyan duka, 100 da 120, a sami 220. Sai a nemo lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da 220, wato √220, kusan 15. Wannan 15 ita ce girman tangal-tangal ɗin da aka saba gani tsakanin shafuka biyu marasa bambanci. Kafin a fara ɗaukar rata da muhimmanci, ana so ta kai ninki biyu na wannan, wato mutum 30. Ratar kamfanin 20 ce, ba ta kai ba.

Cikakken lissafin yana kai wa ga wuri guda. Idan babu bambanci, ƙimar biya ta gaskiya ita ce 220 cikin 4,000, wato 0.055.

```
SE = √(0.055 × 0.945 × (1/2000 + 1/2000)) = 0.0072
z  = (0.06 − 0.05) / 0.0072 = 1.39
p  = 0.165
```

Ma'anar wannan `p` guda ce tak: da a ce shafukan ba su da wani bambanci, kuma aka yi ta maimaita gwajin, za a sami rata mai girman wannan ko fiye, ta kowane ɓangare, kusan sau ɗaya cikin shida. Abin da ke faruwa sau ɗaya cikin shida ba abin mamaki ba ne. Iyakar da aka saba amfani da ita ita ce 0.05, sau ɗaya cikin ashirin, al'adar da ta yaɗu daga littafin Ronald Fisher na 1925. Ba wahayi ba ce, yarjejeniya ce ta masu sana'a, amma 0.165 ta yi nisa da ita.

A nan ne ake yawan zamewa. Wasu kan cire 0.165 daga ɗaya su ce akwai tabbacin kashi 83 cikin 100 cewa B ya fi. Lambar ba ta faɗi haka ba. An lissafa ta ne bisa ƙaddara cewa babu bambanci, don haka ba za ta juyo ta ba da yiwuwar gaskiyar wannan ƙaddarawar ba. Kuskuren ya yi yawa har Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa a 2016 tana jan kunne a kansa. Kishiyar kuskuren ma tana nan: rashin kai wa 0.05 bai nuna shafukan daidai suke ba. Ya nuna baƙin da aka tara ba su isa a rarrabe ba.

Abin da ya fi amfani ga mai yanke shawara shi ne tazarar da gaskiya za ta iya kasancewa a ciki. A ninka 0.0072 da 1.96, a sami kusan 0.014, a ɗebe shi daga ratar, a kuma ƙara shi a kanta. Sakamakon shi ne, a cikin kowane baƙi 1,000, alƙaluman sun dace da B ya rasa mutum 4, sun kuma dace da ya ƙara mutum 24. Yanzu a tuna da rangwamen. Tunda kowane mai biya a B yana kawo naira 18,000 maimakon 20,000, sai B ya sami mutum kusan 56 cikin 1,000 kafin ya maido abin da A ke kawowa da mutum 50. Duk ƙarin da bai kai mutum 6 ba asara ce. Tazarar da ta taso daga rashin 4 zuwa ƙarin 24 ta ƙunshi asara, ta ƙunshi riba, kuma gwajin bai raba gardama ba.

## Ba a fafe gora ranar tafiya

Laifin na tsarin gwajin ne. Tun kafin baƙo na farko ya iso, ana iya sanin mutum nawa ake buƙata. Akwai ƙa'idar da masu ƙididdiga ke amfani da ita don kimantawa cikin sauri, idan ana son iyakar 0.05 da damar kashi 80 cikin 100 ta kama bambancin in har yana nan:

```
n = 16 × p × (1 − p) / d²
n = 16 × 0.055 × 0.945 / 0.01² ≈ 8,300
```

A wannan lissafi `p` ita ce matsakaiciyar ƙimar biya, `d` kuma ita ce mafi ƙanƙantar ratar da ake son ganowa. Domin a rarrabe kashi 5 da kashi 6, kowane shafi yana buƙatar baƙi kusan 8,300, jimilla 16,600. Kamfanin da ke samun baƙi 2,000 a mako zai jira sama da mako takwas. Ya tsaya a mako na biyu, da ƙasa da rubu'in abin da ake buƙata.

Illar ƙaramin gwaji kashi biyu ce. Ta farko, ko da B ya fi A da gaske, daga kashi 5 zuwa 6, gwajin baƙi 2,000 a kowane ɓangare zai kama hakan ne kusan sau 28 cikin 100. Sauran lokutan zai ce bai ga komai ba, a watsar da shafi mai kyau. Ta biyu ta fi ɓoyuwa. Da wannan adadin baƙi, ba a tsallake iyakar 0.05 sai ratar da aka gani ta kai mutum 14 cikin 1,000. Idan ratar gaskiya 10 ce, to duk lokacin da gwajin ya ayyana nasara, ya yi hakan ne domin dace ya ƙara wa ratar gishiri. Shi ya sa ake yawan ganin shafin da ya yi fice a gwaji ya koma ba yabo ba fallasa bayan an ɗora kowa a kansa. Shafin yana nan yadda yake, lambar farko ce ta kumbura.

Sai kuma a lura da `d²` da ke ƙasan lissafin. Idan aka rage ratar da ake nema zuwa rabi, daga kashi 5 zuwa 5.5, baƙin da ake buƙata suna ninkuwa kusan huɗu, su kai wajen 32,000 a kowane shafi. Ga kamfanin nan wannan ya haura wata bakwai. Darasin da ke ciki mai ɗaci ne amma mai amfani: ƙaramin kamfani ba shi da halin gwada launin maɓalli ko sauya kalma ɗaya. Abin da zai iya gwadawa shi ne babban sauyi, irin farashi, ko tsawon fom, ko alƙawarin da shafin ya ɗauka.

Shahararren misalin da ake yawan kafa hujja da shi yana nuna haka. A Disambar 2007, ofishin yaƙin neman zaɓen Barack Obama, ƙarƙashin Dan Siroker, ya gwada haɗe-haɗe 24 na hoto ko bidiyo da rubutun maɓalli a shafin tarbar baƙi. Baƙi fiye da 310,000 suka shiga gwajin, kusan 13,000 ga kowane haɗi. Shafin asali ya sami rajistar kashi 8.26, wanda ya yi nasara ya sami 11.6. Idan aka yi musu lissafin da aka yi a sama, ratar ta ninka tangal-tangal ɗin kusan sau tara. Masu ba da labarin sukan riƙe ƙarin kashi 40 cikin 100, su manta da yawan jama'ar da ya sa aka yarda da shi.

## Leƙen tukunya

Ko an ƙayyade adadi, akwai ɗabi'ar da ke rushe lissafin gaba ɗaya, kuma kusan kowa yana yin ta da kyakkyawar niyya. Manhajar gwaji tana nuna sakamako kowace safiya. Manaja yana leƙawa, ranar da ya ga `p` ta sauka ƙasa da 0.05 sai ya tsayar da gwajin ya sanar da nasara. An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma a wannan fage Laraba tana yawan yin ƙarya.

Dalilin shi ne alƙawarin sau ɗaya cikin ashirin na duba ɗaya ne, a ƙarshen adadin da aka ƙayyade. A tsawon gwaji ratar tana hawa tana sauka, musamman a kwanakin farko da baƙi ba su da yawa. Kowane leƙe sabuwar dama ce ga dace ya tsallake layin, kuma wanda ya tsaya a tsallakawar farko ba ya ganin komawar da za ta biyo baya. Peter Armitage da abokan aikinsa sun lissafa wannan a 1969. Idan babu bambanci ko kaɗan, wanda ya duba sau biyar yana shirye ya tsaya zai ayyana bambancin ƙarya kusan sau 14 cikin 100. Wanda ya duba sau goma, kusan sau 19 cikin 100. Ke nan manajan da ke leƙe kowace safiya na kwana goma yana aiki da kuskuren kusan ɗaya cikin biyar, alhali yana zaton ɗaya cikin ashirin ne.

Leƙe ba haramun ba ne, amma yana da farashi. Masu gwajin magunguna, waɗanda dole su duba a tsakiya domin rayuka ne a hannunsu, sun daɗe da warware matsalar. Hanyar da Stuart Pocock ya fitar a 1977 ta ce idan an tsara duba sau biyar a tazara daidai, kada a tsaya sai `p` ta sauka ƙasa da kusan 0.016 a ɗaya daga cikinsu. Da haka jimillar kuskuren take zama a kashi 5. Wanda ba ya son wannan ɗawainiya, sai ya duba kullum don tabbatar da cewa shafi bai lalace ba kuma kuɗi na shiga, ya bar hukunci sai ranar da aka sa.

Ranar kuma a sa ta a ƙarshen cikakken mako. Mai shiga shafi da safiyar Litinin daga ofis ba irin mai shiga da daren Asabar daga wayarsa ba ne, kuma ciniki a makon albashi daban yake da na tsakiyar wata. Gwajin da ya fara Talata ya ƙare Juma'a ya auna wani yanki ne na abokan ciniki.

## A fara duba ma'aunin

Kafin a karanta wanda ya yi nasara, akwai duba guda da ke ɗaukar minti ɗaya: shin rabon baƙin ya fito yadda aka tsara? Idan an ce rabi da rabi a kan baƙi 4,000, karkatar da aka saba gani ita ce rabin √4000, kusan mutum 32. Don haka 2,030 da 1,970 ba komai ba ne. Amma 2,130 da 1,870 karkata ce da ta ninka wannan sau huɗu, kuma da wuya dace ya yi ta. Yawanci wani abu ne ya karye. Misali, idan B yana da nauyin hotuna, masu raunin intanet sukan fita kafin manhajar ta ƙirga su. Waɗanda suka rage a lissafin B su ne masu haƙuri da masu kyakkyawar waya, sai ƙimarsa ta hau ba don ya fi jan hankali ba. Gwajin da rabonsa ya karkace ba a gyara shi da lissafi. Ana nemo dalilin, a gyara, a sake daga farko.

## Hujjar masu gaggawa

Akwai suka mai ƙarfi a kan duk wannan, kuma ta cancanci amsa. Ɗan kasuwa ba malamin jami'a ba ne. Dole ya nuna wa baƙi shafi ɗaya gobe da safe, kuma mako takwas na jira su ma kuɗi ne. Idan B yana gaba da mutum ashirin, me zai hana a ɗauke shi?

A wani yanayi babu abin da zai hana. Da a ce bambancin B da A kanun shafi ne kawai, ba rangwame, ba ƙarin kashe kuɗi, kuma ana iya komawa baya a kowane lokaci, to ɗaukar B daidai ne. Shaidar, duk da rauninta, ta fi karkata gare shi, kuma mafi munin abin da tazarar ta nuna rashin mutum 4 ne cikin 1,000. Iyakar 0.05 ba ta wajaba a kan kowace shawara ba. Abin da bai halatta ba shi ne a rubuta a rahoto cewa an tabbatar da ƙarin kashi 20, a gina kasafin talla a kai, a kuma ɗauke shi darasin da za a shimfiɗa a sauran shafuka. Zaɓi a cikin rashin tabbas aikin manaja ne na yau da kullum. Kiran rashin tabbas da sunan tabbas shi ne ke cutarwa.

Dalilin tsantseni yana ƙaruwa idan aka tuna cewa yawancin sababbin dabaru ba sa aiki. Ron Kohavi, wanda ya jagoranci gwaje-gwaje a Microsoft, ya ruwaito cewa kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na dabarun da aka gwada a can suke inganta abin da aka tsara su inganta. Idan haka lamarin yake a wurin ƙwararru, rinjaye mai rauni bai isa ya kawar da zaton cewa sabon shafin ɗaya ne daga cikin masu yawan da ba su kawo komai ba.

A kamfanin misalin nan kuwa shawarar ba kyauta ba ce. Rangwame yana da sauƙin bayarwa, yana da wuyar janyewa, domin wanda ya saba ganin 18,000 zai ɗauki 20,000 a matsayin ƙarin farashi. Ga kuma wani abu da ya kamata a sani tun yanzu. A ce an sake gwajin da baƙi 8,300 a kowane ɓangare, kuma ƙimar ta sake fitowa kashi 5 da kashi 6, wato mutum 415 da 498. Ratar 83 ce a kan tangal-tangal na kusan 30, ta tsallake iyaka sarai. Amma tazarar za ta kasance daga ƙarin mutum 3 zuwa 17 cikin 1,000, kuma rangwamen yana buƙatar 6 kafin ya biya kansa. An tabbatar B yana kawo ƙarin masu saye, ba a gama tabbatar da cewa yana kawo ƙarin kuɗi ba, ko da yake mafi yawan tazarar tana ɓangaren riba. Tambayar da ta dace a auna tun farko ita ce naira nawa kowane baƙo ke kawowa, ba mutum nawa suka latsa maɓalli ba.

Saboda haka abin da ya kamata ya fito daga taron manajojin takarda ce mai layi huɗu, a rubuce kafin a sake kunna gwajin: abin da za a auna, mafi ƙanƙantar ratar da ta cancanci sauya farashi, yawan baƙin da wannan rata ke buƙata, da ranar da za a buɗe sakamako. Idan lissafin ya nuna ranar ta yi nisan da kamfanin ba zai iya jira ba, to ya san gwaji ba zai yanke masa wannan hukunci ba, sai ya yanke da kansa bisa sanin kasuwarsa, ya kuma rubuta a rahoton cewa ra'ayi ne. Su kuwa mutum ashirin na mako biyun farko, a ajiye su a matsayin dalilin ci gaba da gwaji, kada a taɓa farashi saboda su.